Odita ya sa hannu a Afrilu, a Agusta an nemi buhu 800 an rasa: laifin wa?

Alhaji Sabo: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga masu ilimin lissafin kuɗi. Akwai wani kamfanin casar shinkafa da nake da ɗan hannun jari a ciki. Shekarar kuɗinsa tana ƙarewa ranar 31 ga Disamba. An ɗauko odita daga waje, an biya shi, ya zo ya yi aikinsa, a watan Afrilu ya sa hannu cewa lissafi lafiya lau. Sai ga shi a watan Agusta sabon manaja ya ƙirga kaya, aka nemi buhu 800 na shanshera aka rasa. A littafi kowane buhu naira 40,000 ne, ka ga naira miliyan 32 ke nan. To mene ne amfanin sa hannun? Kuma za mu iya sa oditan ya biya?

Malam Nura: Wa alaikumus salam Alhaji. Ni a ganina babu wani dogon zance. Aikin odita shi ne ya kama ɓarawo. In ya duba ya ce babu matsala, sannan matsala ta fito, to ko dai bai iya aikin ba, ko kuma an jiƙa masa hannu. A kai shi kotu kawai.

Hajiya Rabi: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Malam Nura, a yi haƙuri a ɗan sassauta, domin ba a ma san ranar da kayan suka bar sito ba tukuna.

A fara da abin da odita ya sa wa hannu. Daraktoci ne suke haɗa bayanan kuɗi na shekara, kuma su ne ke da alhakin tsare dukiyar kamfani da kafa matakan hana sata. Masu hannun jari ne suke naɗa odita a babban taron shekara, ya duba waɗannan bayanai ya faɗi ra'ayinsa: shin sun nuna halin da kamfani yake ciki a ranar rufe shekara, ba tare da wani babban kuskure ba? Alhaji, ka buɗe rahoton ka duba sashen da ke bayanin nauyin da ke wuyan odita. Za ka tarar ya rubuta cewa tabbacin da yake bayarwa mai ƙarfi ne amma ba garanti ba ne, kuma ya ƙara da cewa zamba ta fi kuskure wuyar ganowa, saboda ana iya haɗa baki, ko a yi takardun jabu, ko manya su tsallake tsarin kamfani. Ba oditanku ne ya ƙago wannan zance don kare kansa ba. Haka ƙa'idojin aikin odita na ƙasa da ƙasa, wato ISA 200 da ISA 700, suka tsara, kuma da su ake aiki a Najeriya.

Wannan bai wanke shi ba. Abin da ya nuna shi ne tambayar da za a yi ta sauya: shin buhunan nan suna nan ranar 31 ga Disamba? In kuwa ba sa nan, shin aikin da ƙa'ida ta ɗora masa zai iya gano hakan, kuma ya yi aikin?

Alhaji Sabo: To Hajiya, "babban kuskure" nawa ne? Ni dai a wurina miliyan 32 ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Hajiya Rabi: A wurin oditan ma da alama ba ƙarami ba ne. Ka ba mu cinikin shekara da ribar kafin haraji, ko a ƙiyasce.

Alhaji Sabo: Ciniki wajen naira biliyan 4. Riba kafin haraji miliyan 200.

Hajiya Rabi: Yawwa. Tun kafin ya taɓa takarda ko ɗaya, odita yana yanka wani ma'auni: adadin kuɗin da in kuskure ya kai shi, mai karanta bayanan zai iya sauya shawara. Ga kamfani mai sarrafa kaya don riba, an saba ɗaukar kashi 5 cikin 100 na ribar kafin haraji. A nan miliyan 10 ke nan. Daga nan sai ya ƙara sauko da shi wajen aiki, ya ɗauki tsakanin rabi zuwa kashi 75 cikin 100, mu ce miliyan 7.5, domin ƙananan kurakurai da ba a gani ba kan taru su zama babba. Can ƙasa kuma akwai wata iyaka, kamar naira 500,000, wadda abin da bai kai ta ba ko rubutawa ba a yi.

Ka ga in da buhu 100 ne suka ɓace, miliyan 4, to ko an gano su, ra'ayin odita zai iya fitowa fes, sai dai ya gaya wa daraktoci. Buhu 800 kuwa sun ninka ma'aunin sau uku da ɗoriya. Idan har babu su ranar rufe shekara amma suna cikin littafi, to an kumbura kaya da miliyan 32, an kumbura riba da miliyan 32, ribar gaskiya miliyan 168 ce. Wannan irin kuskuren ne aka ɗauko shi ya nema.

Malam Nura: To kin dawo kan maganata ke nan, Hajiya.

Hajiya Rabi: Rabinta, Malam. Na ce "idan". Wata takwas ne tsakanin Disamba da Agusta. In a watan Yuni aka kwashe, rahoton Afrilu ba shi da alaƙa da abin ko kaɗan.

Ɗanjuma: Ni abin da ya fi ba ni haushi da oditocin nan, sai su zo shagonka su ce ba ka biya harajin kaza ba, su ƙaƙaba maka tara. Su ma ai ya kamata a riƙa bincikarsu.

Bashir: Yaya Ɗanjuma, waɗancan jami'an haraji ne, gwamnati ce ta turo su, kuɗinta suke nema. Wanda ake magana a kai masu kamfani ne suka ɗauko shi da kuɗinsu, mai lasisin ƙungiyar akantoci ta ICAN ko ANAN, ba ya cin tarar kowa.

Anti Rabi, bari in ƙara wani abu a kan yadda ake tsamo takardu, don mutane da yawa suna zaton kowace takarda ake dubawa. Mu ce kamfanin Baba Alhaji yana da takardun shigar kaya da fitarsu 12,000 a shekara. In za a bi kowace ɗaya, a haɗa ta da takardar sikeli da baucan biya da bayanin banki, minti 15 kowace, awa 3,000 ke nan. Mutum ɗaya mai aikin awa 8 kullum sai ya yi kwana 375. Babu masu hannun jarin da za su biya wannan, kuma kafin a gama wata shekarar ta rufe. Shi ya sa ake tsamo kamar 60. In an duba 60 ba a ga matsala ko ɗaya ba, an tabbatar kashi 95 cikin 100 cewa babu matsala.

Hajiya Rabi: Lissafin awanninka daidai ne Bashir, amma jimlarka ta ƙarshe ta zarce. Abin da 60 masu kyau suke nunawa shi ne: muna da tabbacin kusan kashi 95 cikin 100 cewa takardu masu matsala ba su wuce kashi 5 cikin 100 ba. Kashi 5 na 12,000 kuwa takarda 600 ne. Akwai tazara mai nisa tsakanin "ba su wuce 600 ba" da "babu ko ɗaya".

A juya lissafin. A ce takarda 120 ne na bogi, wato ɗaya cikin kowace 100. Duk takardar da ka zaro, damar ta zama mai kyau 0.99 ce. Ka zaro 60:

```
0.99^60  = 0.55
0.99^300 = 0.05
```

Wato ko da ɓarnar tana nan, ya fi rabi a ce 60 ɗin duka su fito lafiya. In kana son damar kuɓucewar ta sauko zuwa 5 cikin 100, sai ka zaro wajen 300. Shi ya sa odita mai hankali ba ya raba ƙarfinsa daidai wa daida. Duk wata shigarwa da ta haura miliyan 7.5 ɗin nan zai duba ta kai tsaye, ba sai ƙuri'a ta faɗa kanta ba, sannan ya ƙara yawan abin da yake tsamowa a wuraren da ya fi zargi. Kamar mai sayen hatsi ne a Dawanau da ke soka ƙarfe a buhu: ba kowane buhu yake sokawa ba, amma in ya ga wanda aka sake wa ɗinki, shi zai fara nufa.

Kuma a lura, kashi 95 ɗin nan al'adar aiki ce, ƙa'idar ba ta yanka lamba ba.

Bashir: Na gane Anti, na gode da gyara.

Injiniya Lawal: Ni ba akanta ba ne, harkar sito da injin casa na sani, kuma ina ga a nan zancen yake, ba a takarda ba. Shanshera ba a ƙirga ta buhu-buhu. Ana jera ta ne tsibi-tsibi, sai a ƙirga tsawo da faɗi da hawa a ninka. Tsibi mai buhu 20 a tsawo, 15 a faɗi, hawa 18, buhu 5,400 ke nan a takarda. Yanzu a bar rami a tsakiya tun wajen jerawa, mai tsawon buhu 10, faɗin 5, hawa 16, a gitta katakai a bisa, a rufe da hawa 2. Ramin nan ya ci buhu 800 cif. Wanda ya zagaya tsibin daga ƙasa zai ga bango huɗu cike. Wanda ya hau sama ma zai taka buhu. Sai wanda ya sa leburori suka ɗaga hawa biyu ko uku daga tsakiya, ko ya ce a tsaga tsibin, shi zai gani.

Hanya ta biyu ta fi wannan sauƙi. In kamfani yana da sito biyu kuma ba rana ɗaya aka ƙirga su ba, buhu 800 tirela uku ne, tun da tirela tana ɗaukar wajen buhu 300 masu kilo 100. A ƙirga su a nan yau, da dare a loda, gobe a sake ƙirga su a can. Ta uku, a aro kayan wani ɗan kasuwa da ya ba da ajiya a nuna su a matsayin na kamfani. Buhu ba ya ɗauke da sunan mai shi.

Alhaji Sabo: Injiniya, ka sa gabana ya faɗi. Sito biyu ne, ɗaya a harabar injin, ɗaya a wajen Kura. Na tambayi sakataren kamfani yanzu, ya ce an ƙirga na harabar ranar 29 ga Disamba, na Kura ranar 30, kuma yaro ɗaya ne daga ofishin oditan ya halarci duka biyun.

Malam Nura: Shi ke nan! Me kuma ake jira?

Hajiya Rabi: Wannan bayani yana da nauyi, ba zan ɓoye ba. Ƙa'idar ISA 501 ta ce in kayan sito suna da yawan da zai shafi bayanan kuɗi, dole odita ya halarci ƙirga, sai in abin ba zai yiwu ba. Ba shi ne mai ƙirgar ba, ma'aikatan kamfani ne, shi kuma yana sa ido yana gwadawa. Gwajin hanya biyu ne: ya ɗauki layi daga takardar ƙirga ya je ya ga kayan da idonsa, don ya tabbatar akwai su, sannan ya ɗauki tsibi daga ƙasa ya nemo shi a takarda, don ya tabbatar ba a bar komai a baya ba. Ya kuma rubuta lambar takardar shigar kaya ta ƙarshe da ta fitar kaya ta ƙarshe a ranar, domin daga baya ya gane ko an cusa cinikin Janairu cikin Disamba.

In sito biyu ne kuma kayan iri ɗaya ne da za a iya ɗauka, abin da ya dace shi ne a tura mutum biyu rana ɗaya. In ba hali, a rufe siton farko da kwaɗo da hatimi, ko a dakatar da zirga-zirgar motoci, sannan a duba littafin maigadi da na sikeli na daren. Tambayar da za a yi wa oditan ke nan: wanne daga cikin waɗannan ka yi? Amsar tana cikin fayil ɗin aikinsa, wanda ƙa'ida ta ce ya adana aƙalla shekara 5. In ya sa hatimi, aka fasa aka maido da irinsa, maigadi da mai sikeli da magajin sito duk bakinsu ɗaya, to an yaudari mutumin da ya yi aikinsa. In kuwa bai yi ko ɗaya ba, ya karɓi takardar da magajin sito ya sa wa hannu ya tafi, wannan sakaci ne, kuma kalmar "ba garanti ba" ba za ta rufa masa asiri ba.

Barista Ummi: Wannan rigima ta tsufa fiye da yadda ake zato, kuma a kan kayan sito ta faro. A 1896 kotun ɗaukaka ƙara a Ingila ta yanke hukunci a shari'ar Kingston Cotton Mill. Manajan kamfanin auduga ya yi shekaru yana kumbura lissafin kaya, oditoci kuma suna karɓar takardar shaidarsa ba tare da sun ƙirga ba. Kotu ta wanke su, a nan ne alƙali Lopes ya ce odita karen gadi ne, ba karen farauta ba. Amma wanda ya rataya ga wannan hukunci a yau ya makara. A 1938 aka bankaɗo badaƙalar McKesson & Robbins a Amurka, inda aka ƙirƙiro kayan sito da basussukan da babu su na wajen dala miliyan 19, da takardu masu kyan gani. Bayan wannan ne halartar ƙirgar kaya da aika wasiƙa kai tsaye ga waɗanda ake bi bashi suka zama tilas a aikin. Abin da ake kira isasshen aiki yana ƙaruwa ne duk lokacin da aka sha wuta.

A dokar kamfanoni ta Najeriya, CAMA 2020, an ɗora wa odita ya yi aiki da kulawa da ƙwarewar da yanayin ke buƙata. In kamfani ya yi asara saboda sakacinsa, daraktoci ne za su shigar da ƙara. In sun ƙi, mai hannun jari zai iya, bayan ya ba kamfani sanarwar kwana 30. Amma Alhaji, ka lura da abu biyu. Na farko, sakaci za ka tabbatar, ba wai kawai an yi sata ba. Na biyu, sai ka nuna sakacin ne ya jawo asarar. In buhunan sun riga sun tafi tun Nuwamba, ba oditan ne ya ɓatar da su ba, ko da ya gano a Disamba ba za su dawo da kansu ba. Abin da za a iya nema shi ne asarar da ta biyo baya: satar da ta ci gaba saboda ba a farga ba, ko ribar da aka raba wa masu hannun jari da harajin da aka biya a kan ribar da babu ita.

Malam Nura: Barista, duk wannan dogon turanci ne na kare juna. Wanda ake bincika shi ne yake biyan mai binciken. Ya za a yi ya faɗi gaskiya ya rasa aikin baɗi? A nan ƙasar ma mun gani, Cadbury Nigeria a 2006, aka gano an kumbura lissafi da wajen naira biliyan 13 cikin 'yan shekaru, alhali kowace shekara akwai sa hannun odita.

Barista Ummi: Gaskiya ne, kuma hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta hukunta shugabannin kamfanin ta kuma ci tarar kamfanin oditan a 2008. Ka ga misalinka ya nuna rashin garanti ba ya hana hukunci. Maganar biyan kuɗi kuwa ban da abin da zan kare ta da shi, rauni ne na gaske a tsarin. An yi masa 'yan faci: masu hannun jari ne ke naɗawa, kamfanonin da jama'a ke da hannun jari a ciki dole su kafa kwamitin bincike mai mutum biyar, uku daga masu hannun jari, biyu daga daraktocin da ba sa gudanar da aikin yau da kullum. Ko facin ya isa, wannan ni ma ina da shakka.

Issufu: Mu a nan Nijar dokar OHADA muke bi, wato dokar kasuwanci ta bai-ɗaya da wasu ƙasashen Afirka suka haɗu a kai. Wanda ke wannan aiki a manyan kamfanoni babban taro yana naɗa shi ne na shekara 6, ba shekara-shekara ba, saboda haka ba a iya sallamarsa don kawai ya faɗi abin da ba a so. Kuma in ya ci karo da aikata laifi a cikin aikinsa, doka ta wajabta masa ya sanar da mai gabatar da ƙara na gwamnati. Amma shi ma ba ya rantsuwa cewa babu sata. Abin da ya gani ne yake kai wa, ba a ce ya ga komai ba.

Injiniya Lawal: Akwai hanya ta huɗu da ban faɗa ba, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro, don ba ta buƙatar rami ko tirelar dare. A riƙa fitar da buhu 15 ko 16 kowane mako, a rubuta cewa an zuba su a injin. A shekara sun kai 800. Kamfani mai cinikin biliyan 4 yana casar wajen buhu 80,000 a shekara. Shanshera tana ba da tsabar shinkafa tsakanin kashi 60 zuwa 65 cikin 100, ya danganta da iri da danshi da lafiyar injin. In kamfani ya saba samun 62, aka sace kashi 1 cikin 100 na abin da aka ce an casa, sakamakon zai sauko zuwa 61.4. Wa zai ɗaga gira a kan wannan? Danshi kaɗai ya fi haka motsa lissafi. Shansherar da aka saya da danshi 20 cikin 100, in ta bushe ta koma 14, ta rasa kusan kashi 7 cikin 100 na nauyinta ba tare da kowa ya taɓa ta ba.

Hajiya Rabi: Injiniya ya taɓo wurin da mutane suka fi shan mamaki. A wannan hanya ta huɗu, kayan da ke littafi ranar 31 ga Disamba daidai suke da kayan da ke ƙasa. Ƙirga za ta fito cif. Ribar da aka bayyana ita ce ribar da ta rage wa kamfani da gaske, domin satar ta riga ta narke cikin kuɗin sarrafa kaya. An yi wa masu kamfani sata, amma jimlar riba da ta kaya ba su yi ƙarya ba, illa dai an rubuta asarar sata da sunan kayan da aka casa. Odita zai kwatanta sakamakon casar bana da na bara, dole ne ma ya yi, amma faɗuwa daga 62 zuwa 61.4 tana cikin abin da manaja zai bayyana da "bana an sayo jiƙaƙƙiya", kuma bayanin ya shiga hankali.

Sai dai Alhaji, a naku lamarin an ce an nemi kayan an rasa, wato littafi yana nuna su, ƙasa babu. Wannan ya fi kama da hanyoyi ukun farko, ko kuma satar da aka yi bayan Disamba.

Batun danshin kuma ya nuna wani dalilin rashin garanti da ba ruwansa da ɓarayi. Tsibin buhu 5,400 a naira 40,000 miliyan 216 ne. Kashi 7 cikin 100 nasa ya haura miliyan 15, ya wuce ma'aunin miliyan 10 da muka yanka. Nawa za a rage saboda bushewa da ƙwari? Wane ɗan kasuwa ne cikin waɗanda ake bi bashi ba zai biya ba? Shekara nawa injin zai yi? Duk ƙiyasi ne, akantoci biyu masu gaskiya za su ba da lamba biyu. Odita yana duba ko ƙiyasin yana cikin da'irar hankali ne, ba shi da wata lamba ta gaskiya a aljihu da zai gwada da ita.

Bashir: Anti, amma kuɗin banki dai ai ana samun tabbaci ɗari bisa ɗari, tun da banki ne da kansa yake amsa wasiƙa.

Hajiya Rabi: In bankin ne ya amsa. A Disamba 2003 Bank of America ya ce takardar da ke nuna wani reshen kamfanin Parmalat na Italiya yana da yuro biliyan 3.95 a wurinsa ta jabu ce. A Yuni 2020 kamfanin Wirecard na Jamus ya amsa cewa yuro biliyan 1.9 da aka ce suna ajiye a bankunan Filifin da alama babu su. Shi ya sa ISA 505 ta nace odita ya riƙe wasiƙar a hannunsa tun daga aikawa har dawowa: shi zai nemo adireshin, shi zai aika, amsa ta zo masa kai tsaye. Da zarar akantan kamfani ya ce "kawo in kai musu, hanyata ce", shaidar ta rage daraja. Ƙa'idar ta yarda odita ya ɗauki takarda a matsayin sahihiya matuƙar babu abin da ya sa shi zargi, don ba a horar da shi gane jabun sa hannu ba. Amma da zarar alama ta bayyana, wajibi ne ya bi ta.

Alhaji Sabo: To yanzu me kuke ba mu shawara mu yi, a aikace?

Hajiya Rabi: Ku fara da gano lokacin. A ɗauki ƙirgar Agusta a koma baya: a ƙara abin da aka zuba a injin da duk wani abin da aka fitar waje daga Janairu, a cire abin da aka sayo, a ga ko za a dawo kan adadin Disamba. Kada a dogara da littafin magajin sito wajen wannan, a yi amfani da takardun sikeli, littafin maigadi, da biyan da aka yi wa direbobi da leburori, musamman na daren 29 ga Disamba. Lodin tirela uku ba ya yiwuwa ba tare da an biya 'yan dako ba, kuma wani ya ga fitarsu.

Sannan ku nemi wasiƙar da oditan ya rubuta wa daraktoci bayan ya gama aiki, wadda yake jera raunin da ya gani a tsarin kamfani. Ba a buga ta cikin rahoton shekara, shi ya sa masu hannun jari da yawa ba su san da ita ba. In kuna son a bi sawun satar har a gano mai hannu, wannan aiki ne daban da ake ɗaukar mai binciken zamba ya yi, da nasa kuɗin, kuma kada ya zama ofishin da ya yi binciken shekarar.

Alhaji Sabo: Na sa an nemo wasiƙar. Tana nan, shafi uku. A shafi na biyu ya rubuta cewa mutum ɗaya ne yake riƙe makullin siton Kura, shi ne kuma yake rubuta katin kaya, kuma babu ƙirgar bazata a tsakiyar shekara. Ya ba da shawarar a raba aikin. Sakatare ya ce bara ma ya rubuta haka, daraktoci suka amsa da "za a duba".

Barista Ummi: To Alhaji, wannan takarda za ta zama abu na farko da lauyan oditan zai ajiye gaban alƙali, kuma daraktocin da ya kamata su shigar da ƙarar su ne ta fi nuna wa yatsa. Kada ka yi mamaki in ka ga suna jan ƙafa.

Malam Nura: Ni kuwa na karanta ta sabanin haka. Mutumin da ya rubuta da hannunsa, shekara biyu a jere, cewa siton Kura ba shi da tsaro, shi ne kuma ya tura yaro ɗaya ya ƙirga shi washegarin ɗayan? Ai ya san inda ramin yake.

Hajiya Rabi: A wannan karon ba zan yi maka musu ba, Malam. Ƙa'idar kanta ta ce inda tsarin kamfani ya yi rauni, nan odita zai ƙara nauyin gwajinsa. Wasiƙar tana kare shi ta wani gefe, tana kama shi ta wani. Abin da ya rage shi ne a ga fayil ɗinsa na ranakun 29 da 30, a kuma ga abin da lissafin komawa baya zai nuna. Alhaji, littafin maigadin siton Kura na watan Disamba yana nan kuwa?

Alhaji Sabo: An ce maigadin ya bar aiki tun watan Maris. Littafin kuma ana kan nema.